Shekarar da Anka Rubuta Ni Cikin Mabuƙata

Da sunan Allah nike farawa, shi da ya ba ni yawan rai har na ga abin da ban yi zaton gani ba. Ni Kulu, ban yi boko ba, hannuna bai san alƙalami ba. Ina faɗi ne, Saratu ɗiyar ɗana Sani tana rubutawa, kuma na ce mata kada ta gyara mani magana. Na ji cewa a wajen suna can Shinkafi wata ta gaya wa ɗayanku wai kakarku ta ci zakka tana da rumbu cike. Ya dawo bai tambaye ni ba, amma na ga ya daina haɗa ido da ni. To ku zauna ku ji yadda anka yi. Akwai laifina a ciki, ba kuwa zan rage shi ba. Sai dai laifin ba shi ne wanda ake faɗi ba.

Kafin in kai ga shekarar, sai kun san irin gidan da na tashi. An haife ni a wani ƙauye gabas da Zurmi, a hannun kakata. Ita ta ga zamanin da ba a san Bature ba, kuma ita ta fara gaya mani cewa tun da anka yi talaka ake karɓa a hannunsa. A zamaninsu sunan abin gaisuwa. Kaka ta yi, hakimin ƙauye ya tara hatsi da ƙore da kuɗin wuri, ya kai wa na sama da shi, na sama ya cire nasa ya ƙara doki da riguna ya kai gaba, har abin ya isa Sakkwato. Akwai kuɗin ƙasa a kan mai noma, masu rini su biya na karofi, makiyayi ya ba da jangali daga garkensa. Sannan akwai zakka, dame ɗaya cikin goma, wadda ita ta Allah ce, amma ita ma rumbun sarauta ake kai ta. Kakata ta ce wani lokaci ta isa ga mabuƙaci, wani lokaci dokin sarki ya cinye. Da Turawa sunka zo, sai sunka tattara yawancin waɗannan sunka maida su abu guda, sunka ce haraji, kuma ba hatsi ba wuri, sai kuɗinsu na ƙarfe.

Wannan na gani da idona. Malamin haraji ya zo da littafi, ya zauna ƙarƙashin tsamiya, mai unguwa yana kiran gidaje. Duk namijin da ya balaga sai an rubuta shi. Tsoho tukuf da makaho da gurgu a ɗauke musu. Yaro in ana gardamar shekarunsa, sai a ce ya ɗaga hannu, a duba hammata. An yanka wa gari jimla daga sama, hakimi ya raba ta a kan kawunan da anka ƙirga, mai hali a ɗan ƙara masa. Bayan girbi a fara karɓa, wanda ya biya a ba shi 'yar takarda, ita ce mutuncinsa har shekara ta zagayo, don ko kasuwa za shi ana iya tare shi a hanya a ce ya nuna. Saboda haraji babana ke noma gyaɗa, ba don muna cin ta ba. A ɗora wa jakai a kai Ƙaura inda jirgin ƙasa ya ƙare, a auna, ya dawo da kuɗi a ƙulle, su kwana biyu a gidanmu su wuce. Wanda ya kasa, na ga an zaunar da shi a rana ƙofar hakimi tun hantsi har la'asar, 'ya'yansa na kallo. Jangali kuwa da damina ake ƙirgar shanu, kowane kai da kuɗinsa. In labarin masu ƙirga ya iso, maƙwabtanmu Fulani su kora rabin garke cikin daji tun da asuba, su bar tsofaffin shanu a ruga. Yayana ma sau biyu ana tura shi wajen dangi a makon ƙirga.

Kakata tana tsefe mani kai take ce mani:

"Kulu, in kin ga mutum da littafi a ƙofar gida, ko mi ya tambaye ki, ki raba shi shida ki faɗi kashi ɗaya. Littafi ba ya mantuwa, kuma ba ya tausayi."

Da wannan na girma, da shi anka kai ni gidan kakanku a ƙauyenmu na nan kusa da Galadi. Daga baya anka ce an soke jangali, an soke haraji, mutane sunka yi murna. Ba a daɗe ba sai ga kuɗin raya ƙasa, ga tikitin kasuwa, ga kuɗin kara a kan kowace dabba da anka sayar. Suna ke sakewa. Ni dai ban taɓa ganin shekarar da mai littafi ya ɓata hanyar garinmu ba.

Maigida, Allah ya jiƙansa, haraji yana biyansa da ɗaure fuska, amma zakka da hannu biyu yake fitar da ita. Yana da ɗan ƙaramin rumbu a bayan ɗakina, shi kaɗai ne ba ya da suna a bakinsa, sai dai ya ce "wancan." Ranar da anka kawo amfanin gona, zai tsaya a bakin ƙofa yana ƙirga dame, tara su wuce babban rumbu, na goma ya tafi wancan. Gero daban, dawa daban, don ba a haɗa su a lissafi. Ya koya mani cewa sai hatsi ya kai nisabi zakka ke hawa kansa, awon sa'i ɗari uku bayan an sussuke, kuma abin da ruwan sama ya shayar ɗaya cikin goma ne, na fadama da anka sha wuyar ban ruwa rabin haka. Mafi yawan abin da ke cikin wancan rumbu na mutum ɗaya ne, Yaya Dije, maƙwabciyarmu ta bayan danga. Mijinta abokin Maigida ne. A shekarar babban fari anka zaunar da mijin nata a rana saboda haraji, da anka sake shi ya ce zai tafi Kurmi ya nemo kuɗin, bai dawo ba har yau. Ɗanta guda ya rasu, idonta ya tafi a hankali. Maigida ba ya ba ta rabonta gaba ɗaya, don tana da ɗan ƙane da zai kwashe ya kai kasuwa. Kowace Laraba nike sussuka mata, in miƙa ƙwarya ta wata kafa a jikin danga. Kusan shekara talatin muna haka, ko matan 'ya'yana sun ɗauka rance ne take biya da kaɗin zare.

Sai anka yanke mu daga Sakkwato anka ce mun zama jiha, bayan 'yan shekaru anka ƙaddamar da Shari'a. Maza sunka cika motoci zuwa Gusau, sunka dawo murya a dushe. A cikin abin da anka kawo har da cewa hukuma za ta riƙa tattara zakka ta raba, kowane gari da kwamitinsa. Maigida ya ce to, haka yake a littafi, shugaba na da ikon karɓa. Bai kai ga ganin kwamitin ba. An yanke dawa ke nan zazzaɓi ya kwantar da shi, kwana shida ya cika. A shekarar mun samu gero dame casa'in, dawa sittin. Ni na tsaya a bakin ƙofa inda yake tsayawa, na ware tara na gero da shida na dawa, na sa anka zuba a wancan.

Ina cikin takaba 'yan kwamiti sunka zo. 'Ya'yana maza biyu sun tafi ci-rani, Sani yana Ƙaura inda yake koyarwa a makarantar sakandare, gida sai mata da ƙanana. Malam Isa na'ibin liman shi ne shugaban kwamiti, mutumin kirki, shi ya wanke Maigida. Ya yi sallama a zaure, na tsaya bayan asabari. Ta tsakanin karan na hango wani saurayi a gefensa, ya buɗe littafi a kan gwiwa, ya cire murfin biro da haƙori.

"Inna, ya ƙarin haƙuri? Allah ya sa ya huta."

"Amin, Malam. Haƙuri sai ma'abucinsa."

"Mun zo batun zakkar hatsi. Tun da amfanin ya nuna kafin marigayi ya cika, a kan dukan abin da ya bari ake fitarwa, kafin a raba gado. Dame nawa anka samu bana?"

Wallahi ban shirya ƙarya ba. Bakina ne ya buɗe, muryar kakata ta fito.

"Gero sha biyar, dawa goma."

Malam Isa ya tambayi baki nawa ke ci a gidan, na ce sha huɗu, wannan kam gaskiya ce. Na ji ƙarar biro a kan takarda. Ya ce hatsin bai kai nisabi ba, babu komai a kanmu, ya yi mana addu'a sunka tafi. Na koma ɗaki ina gaya wa zuciyata cewa ban ci haƙƙin kowa ba. Na Allah yana nan a ware, zai isa inda yake zuwa. In na ba su, ina na san dokin da zai cinye?

Na fita takaba, bazara ta shigo. Ran nan da hantsi na ji amalanke ta tsaya a ƙofar gida, yara na bin ta. Anka sauke buhun gero a zaure. Mai amalanken ya ɗaga murya, don ya ɗauka albishir ya kawo:

"Na Inna Kulu ne, matar marigayi! Kwamiti ya ce mai baki sha huɗu da dame ashirin da biyar ita ce kan gaba!"

Matan gida sunka leƙo sunka koma, sun san abin da ke cikin rumbunanmu. Na tambaye shi ko akwai na Yaya Dije. Ya ce buhu biyar anka ware wa unguwarmu, ita ce ta shida. Da anka je wajenta ta ce musu ba ta kwana da yunwa, sai anka ajiye sunanta zuwa baɗi.

Na ce kada wanda ya taɓa buhun nan. Kwana uku yana zaure, kaji na zagaya shi. Mata sunka fara shigowa yi mani barka, wasu da zuciya ɗaya, wasu idonsu na kan rumbu. Ranar Asabar Sani ya iso kan babur, na zaunar da shi a inuwar ɗaki na gaya masa komai. Ya cire hula ya riƙe kai.

"Inna, sha biyar? Gonar da ke bakin hanya, kowa na wucewa yana gani?"

"Malam Isa bai musa ba."

"Ya za a yi ya musa wa mai takaba? Zakka amana ce, abin da kinka faɗi shi za a rubuta."

Na ce masa haka munka tashi, shi da bai taɓa ganin an zaunar da babba a rana ba, ba zai gane ba. Sai ya yi wata 'yar dariya ta gajiya, ya zaro takarda daga aljihu, doguwa siririya, ya shimfiɗa a kan tabarma kamar zan iya karantawa.

"Kin ga wagga? Takardar albashina ce. Ni nawa harajin ba mai zuwa ƙofar gida, ba mai tambaya ta. Kafin kuɗin su iso hannuna an cire."

"Wa ya cire?"

"Wanda ke biyana. Shi doka ta ɗora wa, kowane wata ya yanke ya aika wa jiha. Ba kai ake ƙirga ba yanzu, Inna, samu ake ƙirgawa. Su dubi abin da nike samu a shekara, su fara ware wani kashi su ce wanga na rayuwarka ne, ba a taɓa shi. Su ware na 'ya'ya, amma har huɗu, na biyar ba su san da shi ba."

"To Saratu da ƙanenta iska za su ci?"

"Haka nike tambaya. Abin da ya rage shi ake yanka, hawa-hawa. Kashin farko a ɗauki kaɗan, na bisansa a ɗauki fiye, mai babban albashi a yanke shi da zurfi. Ɗan kasuwa kuwa, da ba mai biyansa, shi zai je ya faɗi abin da ya samu, in ba su yarda ba su ƙiyasta masa. Ran da yake son kwangila ko fili, a ce ya kawo shaidar biyan shekara uku."

"Takardar haraji ke nan ta dawo."

"Ita ce, ta yi wanka."

Na tambaye shi ko wannan ya ɗauke masa zakka. Ya ce a'a, wannan na hanya da asibiti da albashin irinsa ne, zakka kuwa Allah ya riga ya faɗi masu cin ta, kashi takwas, har da masu aikin tattara ta, kuma mai rumbu cike ba ya cikinsu. Sai ya sa yatsa a kan takardar ya ce akwai ma ragin da ake yi wa mai ɗauke da tsohon da ba shi da ƙarfi, kuma da babansa ya rasu ya cike fom ya sa sunana.

"Au, kai ma ka rubuta ni cikin mabuƙata?"

"Inna, wancan halas ne. Ba ina aiko miki duk wata ba?"

"Sabulu da kananzir."

"Da maganin ƙafa."

Munka yi dariya, karo na farko tun rasuwar. Sannan ya sassauta murya ya ce ga shawara: a tura buhun ta bayan danga a ba Yaya Dije, a yi shiru. Mai haƙƙi ta samu, ba wanda ya ji kunya, shi ma a Ƙaura ba za a nuna shi a ce ga ɗan wadda ta yi wa kwamiti ƙarya ba. Na so shawarar nan, ba zan ɓoye muku ba. Amma na tuna abin da kakata ta faɗi, cewa littafi ba ya mantuwa. Sunana na ciki. Baɗi amalanke za ta dawo, da baɗin baɗi, kowace shekara akwai ta shida da za a ajiye saboda ni, kuma ba kullum za ta zama mai danga ɗaya da ni ba.

Da gari ya waye na sa anka ɗora buhun a jaki, na yafa mayafi, na bi shi a ƙasa har ƙofar masallaci inda kwamiti ke zama. Sani na biye da ni, kansa a sunkuye. Akwai maza kamar ashirin a kan tabarmi. Na durƙusa daga nesa.

"Malam Isa, na kawo muku kayanku. Ba nawa ba ne. Gero casa'in munka samu, dawa sittin. Ƙarya na yi maka."

Wani daga baya ya yi salati da ƙarfi. Wani ya ce ai irin wannan sai a kai gaban alƙali. Malam Isa ya ɗaga hannu, ya tambaye ni ina zakkar. Na ce tana ware tun ranar girbi, na faɗi abin da ya rage da inda sauran ya tafi. Da na ambaci Yaya Dije, sai na ji kamar na yaye mata zane a kasuwa.

"Inna, mi ya kai ki?"

"Littafin da yaronka ya buɗe."

Tsofaffin da ke wurin sun san zaman malamin haraji ƙarƙashin tsamiya, wasunsu an taɓa zaunar da su a rana. Malam Isa ya ce wanda ya dawo da ƙafarsa ba a kai shi gaba. Abin da na riga na bai wa mabuƙaciya ya isar, abin da ya rage kuwa sai ya shiga rumbun kwamiti kamar na kowa, don ba za a yi wa gida ɗaya doka daban ba. Anka soke sunana, anka rubuta na Dije. Da la'asar anka zo anka kwashe wancan rumbu, dame goma sha ɗaya, har anka share ƙasansa. Ranar Juma'a bayan an sauko, anka karanta gyaran a lasifika, don kada a ce kwamiti ya yi rufa-rufa. Duk gari ya ji sunana, duk gari ya ji nata.

Ku lissafa da kanku. Buhu ɗaya ta samu a madadin abin da ke kai ta har sabon gero. Ɗan ƙanen nata ya ji a lasifika, ya zo gaisuwa, ya tafi da rabi. Kafin tsakiyar damina tukunyarta ta bushe. Da anka raba gado na samu tumunina, daga ciki na ci gaba da miƙa ƙwarya ran Laraba, da ya ƙare na sayar da awakina biyu a kasuwar Shinkafi, a can ma sai da anka yanki kuɗin kara. Mata sunka sa mani suna Kulu Sha-biyar. Da labarin ya yi tafiya ya tsufa, sai dawowar buhun ta faɗi a hanya, zuwansa kaɗai ya rage. Shi ne abin da anka gaya muku.

Ban ce kwamiti sun yi kuskure ba. Gidaje biyar da Maigida bai taɓa tunawa da su ba sun ci daga hatsinmu. Daga shekarar, in sun zo, a bakin ƙofa nike tsayawa in ƙirga da ƙarfi, har mai wucewa ya ji. Na gaji da ɓoyo, na gaji da masu littafi, na gaji da sake wa abu suna. Amma ku in an tambaye ku, ku faɗi yadda yake, don ni na gwada ɗayar hanyar.

Abin da ban gama biya ba shi ne na Yaya Dije. Larabar farko bayan lasifika na kai ƙwarya bakin kafar danga, na kira ta. Ta daɗe kafin ta taso. Ta laluba ta karɓa, ba ta ja hannunta ba.

"Kulu, shekara talatin ina ci daga gidanku, ina fita da kaina a sama, ana ce mani mai kaɗin zare. Yau yara na ce mani ta shida."

"Ki yafe mani, Yaya."

"Na yafe. Ke kin wanke naki sunan. Nawa fa, wa zai kai shi masallaci ya maido?"

Ta rasu bayan damina uku, ban maido mata shi ba. Wancan rumbu yana nan bayan ɗakina, rufinsa ya zube, kun sha tambaya ta don mi ba a rushe shi ba. Ku bar shi sai na tafi. Saratu, ajiye biron haka nan.